Ciro tebur daga PDF zuwa Excel: Power Query, Tabula, Camelot, Acrobat ko shafukan intanet, wanne za ka ɗauka?

Watan jiya wata yayata mai sarin atamfa ta turo min sitetimen ɗin bankinta na wata shida, shafi 41, wai in taimaka mata ta gane nawa kowane kwastoma ya turo da kuma nawa ya tafi a cajin banki. PDF ne, teburin a ido tsaf-tsaf: kwanan wata, bayani, abin da ya fita, abin da ya shigo, sai ragowar kuɗi. Na kwafa na manna a Excel kamar yadda kowa ke fara yi, komai ya zube a kwalam ɗaya kamar an juye buhun gero a ƙasa. Da wannan fayil ɗin na gwada yawancin hanyoyin da zan kwatanta a nan, don sitetimen ɗin banki ya tara kusan duk wata matsala da tebur ke iya ba mutum.

Dalilin wannan wahalar shi ne shi PDF yawanci bai san wani abu wai shi tebur ba. An ƙirƙire shi ne don takarda ta fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace firinta, don haka abin da ke cikinsa umarni ne kawai: sa wannan harafin a nan, ja wannan zanen daga nan zuwa can. Idonka ne ke haɗa su ya ga layi da kwalam. Duk manhajar da za ta ciro maka tebur hasashe take yi, ko dai ta bi zanen layukan da aka ja, ko ta bi sararin da ke tsakanin rubutu. Idan ka riƙe wannan, za ka gane me ya sa manhaja ɗaya ke yin aiki lafiya a wani fayil ta ɓata wani.

Kafin komai, tambayoyi biyu

Na farko, ka tambayi wanda ya ba ka fayil ɗin ko yana da shi a Excel ko CSV. Bankuna da yawa suna bayar da sitetimen a haka idan ka nema ko ka duba wurin sauke shi da kyau, haka ma akawun ofis da ya turo maka jerin albashi, ai daga Excel ya fitar da shi. Saƙo ɗaya zai iya hutar da kai aikin wuni guda. Ita yayata PDF kaɗai aka ba ta, shi ya sa muka ci gaba.

Na biyu, PDF ɗin rubutu ne ko hoto? Buɗe shi ka gwada jan linzami a kan wata kalma. Idan kalmar ta haskaka ita kaɗai, ko ka danna `Ctrl+F` ka nemi wata lamba da kake gani ya samo ta, to rubutu ne na gaske. Idan shafin gaba ɗaya ne ke haskakawa ko babu abin da ya motsa, to hoto ne, an yi masa sikanin ko an ɗauka da waya. Wannan kaɗai ya raba zaɓin gida biyu, don Power Query da Tabula da Camelot duk ba sa karanta hoto, ko kaɗan. Hoto sai an fara bi da shi ta OCR, wato manhajar da ke duba surar harafi ta mayar da shi rubutu.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Kuɗi yana ciki, amma ba shi ne a gaba ba. Abin da na fi dubawa shi ne wane irin kuskure hanyar ke yi, kuma shin zan iya ganinsa. Kuskuren da ya fito fili, kamar komai ya cushe wuri ɗaya, ba shi da haɗari don za ka gani ka gyara. Wanda ke cutarwa shi ne tebur ya fito da kyau, sai dai wata 15,000 da ta fita ta zame ta koma gidan kuɗin da ya shigo, ba wanda ya lura. Sai sauƙin koyo, sai ɗorewa, ina nufin idan sabon sitetimen ya zo wata mai zuwa zan sake aikin daga farko ne ko dannawa ɗaya ce. Na ƙarshe sirri: fayil ɗin yana barin kwamfutata ko a'a.

Power Query na cikin Excel

Idan kana da Microsoft 365 a Windows to kana da shi, ba sai ka sauke komai ba. Hanyar ita ce `Data > Get Data > From File > From PDF`. Wasu tsofaffin Excel ba su da wannan maɓallin, idan ka duba babu to babu ne, kar ka wahalar da kanka. Zai buɗe maka wata taga mai suna `Navigator` da jerin abubuwa iri biyu, masu suna kamar `Table001 (Page 1)` su ne teburan da ya gano, masu suna kamar `Page001` kuma shafin ne gaba ɗaya. Kar ka yi saurin danna `Load`, danna `Transform Data`, don a can ne ainihin aikin yake.

A fayil ɗin yayata ya raba kwalam biyar ɗin daidai a yawancin shafuka, amma a wasu ya ga shida, saboda bayanin wasu tiransifa yana da babban sarari a tsakiya sai ya ɗauka kwalam biyu ne. Da na haɗa shafukan da `Append Queries` sai waɗannan suka ture komai gefe. Na gyara ta hanyar haɗe kwalam biyun da `Merge Columns` a waɗannan shafukan kafin in haɗa duka. Sannan kan teburin da ke maimaituwa a kowane shafi na tace shi, da layukan ƙasan shafi masu lambar shafi.

Abin da ya sa nake son sa shi ne duk matakin da ka ɗauka yana rubuta shi a `Applied Steps`. Wata mai zuwa ka nuna masa sabon fayil ka danna `Refresh`, ya bi matakan da kansa. To amma fa ɗorewar tana da iyaka, idan yawan shafuka ya canja ko banki ya sake tsarin takardarsa, sunayen teburan za su canja, wani matakin ya karye sai ka koma ka gyara. Kuma ba ka da ikon nuna masa da hannu cewa ga inda kwalam ya fara ga inda ya ƙare, abin da ya gano shi za ka yi ta lallaɓawa.

Tabula

Kyauta ce, 'yan jarida ne suka fi amfani da ita tun asali wajen ciro alƙaluma daga rahotannin gwamnati. Tana buƙatar Java a kwamfutarka, kuma idan ka kunna ta a burawuza take buɗewa, a adireshin `127.0.0.1:8080`. Wannan yana ruɗa mutane su ɗauka intanet ce, a'a, wannan adireshin kwamfutarka ce da kanta, fayil ɗin ba ya zuwa ko'ina, ko babu data tana aiki.

Ita a nan kai ne ke zana akwati a kan teburin da linzami, ka bar tambarin banki da adireshi da ƙasan shafi a waje, sai ka danna `Repeat this Selection` ya maimaitu a sauran shafuka. Ka duba shafin farko daban, don galibi teburinsa yana farawa ƙasa da na sauran. Sannan tana da hanyoyi biyu, kuma fahimtarsu ita ce rabin aikin. `Lattice` yana bin zanen layukan tebur, duk abin da ke cikin gida ɗaya nasa ne. `Stream` yana bin sararin da ke tsakanin rubutu, na teburin da ba a ja masa layi ba ne.

Sitetimen ɗin yayata yana da zane a kwance da a tsaye, don haka `Lattice` ya yi abin da ya burge ni: bayanin da ya naɗe zuwa layi biyu ko uku ya bar shi a gida ɗaya. Da na gwada `Stream` don in gani, kowane bayani mai tsawo ya fashe ya zama layuka biyu ko uku, na ƙasan babu kwanan wata babu kuɗi, yawan layukan ya kusa ninkawa. Idan teburinka ba shi da zane kuma dole sai `Stream`, wannan fashewar za ka yi fama da ita, maganinta kuma shi ne duk layin da ba shi da kwanan wata ka san ci gaban na samansa ne, ka haɗe su.

Rauninta: tsohuwa ce, fitowarta ta ƙarshe a 2018 ne, kuma saka Java yana ba wasu ciwon kai. Ga aikin lokaci-lokaci dai ban ga wadda ta fi ta ba a cikin na kyauta, don kana ganin sakamakon a allo kafin ka fitar, idan bai yi ba ka sake zana akwatin nan take.

Camelot

Wannan na masu Python ne. Dabarar ɗaya ce da ta Tabula, `lattice` da `stream`, sai dai komai a rubuce kake ba shi:

```python
import camelot
t = camelot.read_pdf("statement.pdf", pages="all", flavor="lattice")
print(t[0].parsing_report)
t.export("fita.csv", f="csv")
```

Ka lura da `pages="all"`, idan ka manta shi shafin farko kaɗai zai karanta, kuma ba zai yi maka ƙorafi ba. Shi `parsing_report` yana ba ka `accuracy` da `whitespace` na kowane tebur, yana da amfani wajen gano shafin da ya fita daban da 'yan uwansa, amma kar ka ɗauka `accuracy` mai yawa na nufin lissafinka daidai ne, yana auna yadda rubutu ya zauna cikin gidaje ne kawai. Inda ya fi kowa shi ne a `stream` kana iya ba shi `columns` ka faɗa masa daidai inda kowane kwalam ya rabu, da `row_tol` don ya haɗe layukan da ke kusa da juna. Matsalar kwalam shida da Power Query ya ba ni, a nan layi ɗaya ne na gyara.

Gaskiya ga fayil ɗaya bai cancanci wahalar ba idan ba ka taɓa rubuta kod ba, wajen saka shi kaɗai mutum zai iya ɓata yamma guda. Amma wanda fayil hamsin masu tsari ɗaya ke zuwar masa duk wata, kamar rahoton rassa, a nan ne ribarsa take.

Adobe Acrobat Pro

Na kuɗi ne, biyan wata-wata ko shekara-shekara, kuma ga mai samun naira ba ƙaramin abu ba ne. Ba shi ne Acrobat Reader na kyauta da kowa ke da shi ba. Ka buɗe fayil, `Export PDF`, ka zaɓi Excel, shi ke nan, babu wanda ya kai shi sauƙi. Babban abin da ya fi sauran ukun da shi shi ne yana da OCR a ciki, don haka yana karɓar fayil ɗin sikanin kai tsaye.

Aibinsa kuma daga ƙoƙarinsa yake zuwa: yana so Excel ɗin ya yi kama da takardar, sai ya cika shi da gidajen da aka haɗe da ƙananan kwalam marasa komai. A ido kyakkyawa, amma ka zo tacewa ko jerawa sai Excel ya ƙi. Sai ka warware haɗe-haɗen da hannu, kuma wata mai zuwa ka sake warwarewa, don ba ya tuna gyaranka.

Idan hoto ne kuma ba ka da kuɗin Acrobat, akwai OCRmyPDF, kyauta, yana amfani da manhajar OCR mai suna Tesseract ya shimfiɗa rubutu a bayan hoton, daga nan ka kai wa Tabula:

```
ocrmypdf --deskew sikan.pdf fita.pdf
```

`--deskew` yana miƙar da shafin da ya karkace. Ko da wanne ka yi, OCR yana rikita 0 da O, 1 da l, 5 da S, wani lokacin 3 da 8 idan tawada ta dushe ko hatimi ya hau kan lamba, kuma ya kan cinye ɗigon da ke raba naira da kwabo. Sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ ma ka sa musu ido, sau da yawa lanƙwasar ke ɓacewa.

Shafukan intanet masu juya PDF

Irin su iLovePDF da Smallpdf. Ba a saka komai, suna aiki ko a waya, na kyautarsu yana da iyaka, OCR kuma galibi sai ka biya. Ga jadawalin jarrabawa ko teburin kasafin kuɗin da gwamnati ta riga ta wallafa, ba ni da ja. Amma sitetimen ɗin yayata ban ɗora shi ba kuma ba zan ɗora ba, akwai sunanta, lambar asusunta, da sunayen mutanen da suka turo mata kuɗi waɗanda ba su san ma ana yi ba. Shafukan suna cewa suna goge fayil bayan wani lokaci, to amma ni ba ni da hanyar tabbatarwa. Idan kuma bayanan ma'aikata ko ɗalibai ko marasa lafiya ne a hannunka ta dalilin aiki, Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, ba abin wasa ba ne.

| Hanya | Kuɗi | Sauƙi | Tana karanta hoto? | Maimaitawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Power Query | cikin kuɗin Microsoft 365 | matsakaici | a'a | mai kyau | kwalam ya ƙaru a wasu shafuka |
| Tabula | kyauta | mai sauƙi bayan an saka | a'a | matsakaici | fashewar layi a `Stream` |
| Camelot | kyauta | sai mai Python | a'a | mafi kyau | ka yarda da shi ba ka duba ba |
| Acrobat Pro | biyan wata ko shekara | mafi sauƙi | e | da hannu kowane karo | haɗaɗɗun gidaje, kuskuren OCR |
| Shafukan intanet | kyauta mai iyaka | mai sauƙi | galibi sai an biya | da hannu | fayil ya bar hannunka |

Ɓarnar da Excel ke yi da kansa

Wannan ba laifin kowace manhaja ba ne a sama, amma ya fi cin mutane. Idan Tabula ko Camelot suka ba ka CSV, kar ka danna shi sau biyu ya buɗe. Lambar asusun banki a Najeriya lamba 10 ce kuma da yawa da sifili suke farawa, Excel zai ɗauke ta a matsayin adadi ya yar da sifilin. Lambar shaidar tiransifa tsakanin bankuna kuwa lamba 30 ce, shi kuma Excel lamba 15 kaɗai yake riƙewa, sauran ya mayar da su sifili, idan ka adana a haka sun tafi ke nan. Ka shigo da fayil ɗin ta `Data > From Text/CSV`, ka sa waɗannan kwalam ɗin su zama `Text`.

Sai kwanan wata. Mu rana muke fara rubutawa kafin wata, kwamfutoci da yawa kuma a tsarin Amurka aka saita su. 03/04 da ke nufin 3 ga Afrilu sai ta koma 4 ga Maris, 25/04 kuma tunda babu wata na 25 sai ta tsaya a matsayin rubutu. Alamar ita ce ka ga wasu ranakun sun jingina dama wasu hagu a kwalam ɗaya. A Power Query ka bi `Change Type > Using Locale` ka zaɓi `English (United Kingdom)`.

Gwajin da ke raba gardama

Sitetimen yana da wata baiwa, yana ɗauke da alƙalinsa a jikinsa, wato kwalam ɗin ragowar kuɗi. Ragowar layin sama, a tara abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, dole ta ba da ragowar wannan layin. Idan C shi ne fita, D shiga, E ragowa, ka sa wannan a F3 ka ja shi har ƙasa:

```
=ROUND(E2+D3-C3-E3,2)
```

Ko'ina sifili ya kamata ka gani. Inda ba sifili ba, lambar da ta fito ita za ta gaya maka ciwon. A ce ragowa 290,000 ce, aka cire 15,000, ta koma 275,000. Idan 15,000 ɗin ta zame gidan shiga, lissafin zai ba ka 30,000, wato ninki biyu na kuɗin layin, da ka ga ninki biyu ka san zamewa ce. Idan bambancin wata lamba ce da ba ta da alaƙa da kuɗin layin, to akwai layin da ya ɓace a samansa, kuma lambar ita ce kuɗin layin da ya ɓace. Idan kuma ka ga 5 ko 500 ko 5,000 a fayil ɗin da ya bi ta OCR, duba ko 3 da 8 ne suka rikice.

A fayil ɗin yayata, na Tabula da `Lattice` ya nuna wuri uku ba sifili ba, duka a farkon shafi. Da na koma na duba, akwatin da na zana ne ya ɗan gaza a ƙasa, ya yanke layin ƙarshe na shafin da ya gabata. Ɗayan 120,000 ne da wata kwastoma ta turo, da ban yi gwajin ba da an ci gaba da binta bashin da ta riga ta biya. Na faɗaɗa akwatin, na sake fitarwa, komai ya koma sifili.

Teburin da ba shi da ragowar kuɗi, ka nemi jimillar da aka buga a ƙasansa ka gwada da `SUM` naka, ka kuma ƙirga layukan shafi biyu ko uku da ido ka gwada da abin da ya fito.

To wa zai ɗauki wanne

Idan shafi ɗaya ne ko biyu, musamman na hoto mara kyau, ka buga da hannu kawai ka yi gwajin jimilla, ya fi sauri fiye da saka wata manhaja. Idan fayil ɗaya ne mai shafuka da yawa, rubutu ne, kuma akwai sirri a ciki kamar na yayata, Tabula. Mai Microsoft 365 da rahoto iri ɗaya ke zuwar masa duk wata, ya zauna sau ɗaya ya gina matakansa a Power Query. Wanda fayiloli ke zuwar masa da yawa kuma yana taɓa Python, ko teburinsa ba shi da zane kuma kwalam ɗin sun matsu da juna, Camelot da `columns`. Ofishin da aikinsa kullum tsofaffin takardun sikanin ne, kuɗin Acrobat Pro zai fita, wanda ba shi da halin biya kuma ya haɗa OCRmyPDF da Tabula, ya ware lokacin duba lambobi ɗaya bayan ɗaya. Shafukan intanet kuma a bar su ga takardar da ko an manna ta a bango ba wanda zai cutu.